Cin Ruwa a Tsakanin Yatsun Ƙafa: Me Ya Sa Yake Dawowa?

Tambaya: Likita, ni mai gadi ne, ina yini cikin takalmi sau-ciki da safa tun ƙarfe 7 na safe har magariba. Tsakanin ƙananan yatsuna ya yi fari, yana ƙaiƙayi, yana tsagewa. Na sayi man shafawa a kemis, ya lafa kwana biyu, ya dawo. Ina mafita?

Amsa: Sannu ɗan'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Wannan shi ne cin ruwa, kuma wata ƙwayar cuta ce dangin mai kawo makero take haddasa shi. Matacciyar fatar sama take ci, ba ta son komai sai ɗumi da laima. Shi ya sa ta fi kama lungun da ke tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, inda takalmi ke matse su iska ba ta shiga.

Kafin maganar magani, duba yininka. Ka yi alwalar azahar, ka tsettsefe yatsu kamar yadda ya kamata, ka yi salla, kana sauri ka koma bakin ƙofa. Bayan ƙafa ya bushe, amma in ka buɗa yatsun nan biyu za ka tarar da ruwa kwance a ciki. A kansa ka zura safar da ta sha gumi tun safe, ka ɗaure takalmi. Da la'asar ka maimaita. Da dare ka tura takalmin ƙarƙashin gado, da safe ka saka shi bai gama bushewa ba. A haka ko wane irin magani ka shafa, aikin baban giwa kake yi. Alwala ba ta da laifi ko kaɗan, rufe ƙafa da danshinta ne matsalar.

Don haka ka riƙa ajiye ɗan ƙyalle mai tsabta a aljihu, na ƙafa kawai. Bayan kowace alwala ka bi lungu-lungu ka goge, ka bar ƙafar ta sha iska minti biyar cikin silifa kafin ka mayar da safa. Ka tafi aiki da safa ta biyu, ka canza bayan azahar. Wadda ka cire a wanke ta da ruwan zafi da sabulu, a juya cikinta waje a shanya a rana. Takalmi yana buƙatar aƙalla awa 24 kafin ya bushe sosai, saboda haka in da hali ka sami guda biyu, yau wannan gobe wancan. In ɗaya gare ka, da ka dawo gida ka kwance igiya, ka zare shimfiɗar ciki, ka cusa tsohuwar jarida ta tsotse gumin.

Sai magani. Ina kyautata zaton abin da aka ba ka irin man nan ne da ake haɗa magunguna uku a ciki, wanda ke ɗauke da betametazon ko makamancinsa. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin sinadarin yana kashe ƙaiƙayi nan take, mutum ya ɗauka ya warke, alhali ya raunana garkuwar fatar, ƙwayar tana ƙara yaɗuwa. Ka ajiye shi. Ka nemi man tabinafin, ka shafa safe da dare na sati ɗaya zuwa biyu. In kilotirimazol ka samu, sau biyu a rana ne har sati huɗu cif, ko da ƙaiƙayin ya ɗauke a kwana na biyar. Ka wanke, ka busar, ka shafa kaɗan a duk lungunan da gefen fatar da ke kewaye, sannan ka wanke hannu. Da safe ka fara saka safa kafin gajeren wando, don kada ka kai ƙwayar matsematsi. Kada ka sa kanwa ko gishiri a wurin da ya tsage.

Ka duba farcenka ma. In ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa, yana marmashewa, to can ƙwayar ta ɓuya, kuma man shafawa ba ya ratsa farce. Wannan sai likita ya rubuta ƙwayar sha, ta kimanin wata uku.

Akwai inda ba a jira. In ƙafar ta kumbura, ta yi zafi, ciwo yana hawa ƙwauri, ko ka ga mugunya da zazzaɓi, wata cutar ta bi ta tsagar ta shiga, ka je asibiti a ranar. Haka in kana da ciwon suga, ko tsaga ƙarama ce a nuna wa likita tun farko. In kuma ka cika sati huɗu kana bin duk wannan ba sauyi, ka je a kankari fatar a duba, domin akwai wasu cututtukan da ke kama da cin ruwa amma maganinsu daban.