Kafin ka danna Send, gyara kan saƙo da sunan fayil

"Yaya, na gama digiri a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ina son tura wasiƙar neman gurbin mastas ta imel ga wata jami'a a Jamus. Wasiƙar na rubuta ta, to mi zan sa a cikin imel ɗin kuma?"

Ƙanena, ka fara tuna wanda zai buɗe saƙon nan, ma'aikaci ne ko farfesa da saƙonni suka yi wa yawa, abin da yake gani a jeri sunanka ne da layin Subject sai 'yan kalmomin farko. In ka bar layin wayam, ko ka sa gaisuwa ko roƙon taimako, wallahi zai iya wuce shi bai buɗe ba. Ka sa abin da kake nema, fannin, sai sunanka yadda yake a fasfo:

```
MSc Soil Science application - Surname, Firstname
```

In sanarwarsu ta ba da lambar da za a sa a Subject, to kwafo ta daidai yadda take kar ka canza ko harafi, wasu ofisoshin da ita suke tace saƙonni.

Cikin imel ɗin kuma kar ka sake zuba wasiƙar gaba ɗaya tunda ka liƙa ta. Na san mu Sakkwatawa da gaisuwa, ina kwana ina gajiya ya iyali, to nan ba wurinta ba ne, kuma ba raini za su ɗauka ba. Ka kira shi da muƙaminsa da sunan danginsa, layi ɗaya ka ce kai wane ne da abin da ka karanta, layi ɗaya gurbin da kake nema da inda ka ga sanarwar, sai ka jero takardun da ka haɗo. Ka rufe da cikakken suna da lambar waya mai +234.

Wurin fayil ne ya fi damuna. Mutum ya je shagon kwamfuta an yi masa sikan an turo ta WhatsApp, sai ya tura haka nan da suna irin IMG-20250312-WA0007.jpg, ma'aikaci ya sauke cikin tarin na wasu, gobe ya zai gane naka ne? Ka mayar da kowace takarda PDF, mai shafi da yawa ka haɗe ta fayil ɗaya, shafuka a jere ba a kife ba:

```
Surname_Firstname_CV.pdf
Surname_Firstname_Transcript.pdf
```

Ka kula da nauyi ma. Gmail ba ya ɗaukar fiye da 25 MB, in ya wuce sai ya mayar da shi mahaɗin Google Drive, can kuma wani sai ya ga ana neman izini ya bar shi. Ka rage girman fayil ɗin amma hatimi da maki su karantu.

Fara tura wa kanka, ka buɗe kowane fayil a waya ka gani, sannan ka sa adireshinsu a ƙarshe don kar saƙon ya kubce ba ka liƙa komai ba.