Fitilar bakin get ɗina tana ta kunna kanta tana kashewa cikin dare

Tambaya: Salam injiniya. Dan Allah ina neman shawara, na sa fitila mai fotosel, sensar nan da ke kunna fitila in duhu ya yi, a bakin get ɗin gidana nan Tudun Jukun, amma da magariba ta yi sai ta riƙa kamawa tana ɗaukewa har asuba, mai gyaran ya canza sensa ya ce ta farko jabu ce, sabuwar ma haka take yi, yanzu kuma wai wutar NEPA ce ba ƙarfi. Iyali har sun fara tsorata. Ina so gobe da rana in hau tsani in matsar da ita da kaina tunda da rana a kashe take ba wuta a jiki. Ina ya kamata in maida ta?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Ka kwantar wa iyali da hankali, ba aljanu bane, kuma ina kyautata zaton sensar farko ma da aka cire lafiyarta ƙalau, kuɗinka kawai aka ci. Amma tsanin nan ka ajiye shi tukuna sai ka karanta har ƙasa.

Yau da daddare, lokacin da take wasan nata, ka samu baƙar safa ko hula mai kauri ka ɗora a kan sanda busasshiya ka rufe kan sensar daga ƙasa, ba sai ka hau komai ba. Ka jira kamar minti biyu saboda yawancinsu suna da ɗan jinkiri kafin su amsa. In fitilar ta tsaya cak a kunne ta daina ƙiftawa, to magana ta ƙare, sensar hasken fitilarta take gani. Duhu ya yi ta kunna, hasken ya dawo mata a ido ta ɗauka gari ya waye ta kashe, duhu ya dawo ta sake kunnawa, haka za su kwana. Alamar wannan ita ce tazarar kusan iri ɗaya ce kullum, kana iya ƙirgawa da agogo. Ƙarancin wuta ba haka yake yi ba, shi zaka ji rile, wato makunnin da ke cikin sensar, yana kar-kar-kar da sauri kuma fankar ɗaki ma ta yi sanyi a lokacin. In kuma ka rufe ta amma fitilar ta ci gaba da walƙiya da sauri ba ƙara, to fitilar ce kanta ta fara mutuwa ko wata waya ta saki a mahaɗa.

Wajen da zaka maida ta, ƙa'idar ita ce sensa ta ga sama, kar ta ga fitila, kar kuma ta ga abin da fitilar ke haskawa. Wannan na ƙarshen shi mutane ke mantawa. Akwai wani gida a Gyallesu da aka kira ni, fitila ce mai wat 30 a saman ginshiƙin get tana kallon titi, an ɗaura sensar a ƙasanta kamar taƙi ɗaya, kuma maigidan yana ta rantsuwa ai fitilar ba ta kallon sensar. Gaskiya ne bata kallonta, amma ginshiƙin farin tayil aka manna masa mai sheƙi, katangar maƙwabcin da ke fuskantarsu a lungun ma farin fenti ce, to hasken sai ya bugi bango ya dawo. Abin da muka yi, muka ƙara waya kamar mita biyu muka kai sensar can saman katanga, sama da fitilar kuma ta bayanta, yadda jikin ginshiƙin ya shiga tsakaninsu ya yi mata inuwa. Ko sisi ba a kashe a sabuwar sensa ba. To kai ma haka, sama da fitila, bayan fitila, tazarar mita ɗaya zuwa biyu in wuri ya bada dama. In irin mai taga a gefe ce ka juya tagar ta kalli arewa, kar gabas ko yamma inda rana ke dukanta kai tsaye tana gasa robar, kar kuma ta kalli titi, don in layinku motoci da keke napep na wucewa fitilarsu zata riƙa kashe maka ita. Ka duba fitilar maƙwabci ma. Kar kuma gudun haske ya sa ka cusa ta can ƙarƙashin rufi ko cikin inuwar bishiyar darbejiya, sai ta riƙa kunnawa tun la'asar ta ƙi kashewa har hantsi. Mai kyau wajen kiran sallar magariba take kamawa, gari na wayewa ta saki. Hularta ta kalli sama, wayoyi su fito ta ƙasa, ka ɗan lanƙwasa su ƙasa kafin su shiga akwatin mahaɗa yadda ruwan damina zai ɗiga ƙasa maimakon ya bi waya ya shiga ciki. Masu cewa a liƙa mata salatif rabi kuwa, sati biyu rana ta ɓare shi an koma gidan jiya.

Yanzu maganar da ta fi damuna a wasiƙarka, wai da rana a kashe take ba wuta a jiki. Wallahi Malam kullum sai na ji wannan maganar, har daga bakin masu kiran kansu masu gyara, kuma ita ce ke jefo mutane daga kan tsani. Fotosel ba breka bace. Ita kanta da wuta take aiki, dole layif ya zauna a jikinta dare da rana, in ba haka ba da me zata gane duhu ya yi? Irin ƙananan nan da ake saidawa a kasuwar Sabon Gari, masu rubutun AS-10 a jiki da makamantansu, waya uku ne. Galibi baƙa ita ce layif mai shigowa, fara nutural, ja ita ke fita zuwa fitila, wasu kuma ruwan ƙasa da shuɗi da ja suke zuwa, shi yasa zanen da ke jikin kwalin zaka bi, inda aka rubuta L da N da LOAD, ba kalar da ka saba ba. To wannan baƙar wayar, ƙarfe sha biyun rana, fitila a kashe, bolt 230 ne kwance a cikinta, kuma ita ce zaka kwance in zaka matsar da sensar.

Jar ma da kake ganin a mace take ba amana gareta ba. Ka hau tsani, ka kama sensar da tafin hannu don ka kwance ta, ko ka jefa tsumma a kanta, ko ka kifa ta a jikin bango, me ka yi? Ka yi mata dare. Bayan 'yan daƙiƙu rile ya ɗauka, wuta ta fito ta jar wayar da ka riga ka fere kana riƙe da ita a ɗaya hannun, ga ƙirjinka jingine da get na ƙarfe. Jinkirin nan shi ne mugun abin, don ka taɓa da farko ka ji shiru ka saki jiki.

Sai kuma aikin 'yan ka-ci-ka-gudu, waɗanda in fitila ta kama to aiki ya yi, a basu kuɗinsu. In aka juya wayoyin shigowa, nutural ya shiga baƙa layif ya shiga fara, sensar zata yi aiki tsaf, ta kunna da magariba ta kashe da safe, ba wanda zai gane komai. Amma yanzu nutural take yankewa, layif ɗin ya wuce kai tsaye ya zauna cikin fitilar awa 24. Ranar da ruwa ya shiga fitilar ko wayar ta goge a bakin ƙarfe, gidan fitilar ya ɗauki wuta, in a jikin get aka ɗaure ta get ɗin gaba ɗaya ya ɗauka. Wa ke taɓa get? Yara masu lilo a jiki, almajirin da ya raɓe yana jiran ruwa ya tsagaita, uwargida da jiƙaƙƙen hannu ba takalmi. Kuma ka ce a ja wayar atin, mai kai wutar da ta zubo cikin ƙasa, zuwa get sai a ce maka ai ƙarfen a ƙasa yake binne ya isa. Bai isa ba, ƙarfen da aka dasa cikin busasshen kankare ba atin bane. Wanda ya canza maka sensa bai taɓa rufe ta da hannu ya gwada ba, ni dai ba zan yarda da haɗinsa ba sai na sa testa.

Kar kuma ka ce bari in jira a ɗauke wuta in hau. NEPA bata sallama in zata dawo, kuma in gidan akwai inbata ko wani ya tada jen ya juya canji, kana sama ba ka sani ba.

Don haka in lallai kai zaka yi, ka je allon breka ka sauke wanda ke ba get wuta, in baka san wanne bane ka sauke babban gaba ɗaya, ka kashe inbata, ka gaya wa mutanen gida kar kowa ya taɓa, ko ka sa yaro babba ya tsaya a wajen. Testar ka fara gwada ta a soket mai wuta kafin ka sauke brekar don ka tabbata tana aiki, sannan ka dangwala ta a wayoyin nan uku ɗaya bayan ɗaya, har da farar. Tun kafin ka kashe ma, in ka iya, ka gano wacce ce layif ta gaskiya ka yi mata alama, ita zata shiga L. Wayar da zaka ƙara mai kaurin 1.5 ta isa, mai rai uku, a cikin bututun roba ba a nannaɗe a jikin ƙarfe ba, mahaɗar a cikin akwati mai murfi da kanekta, ba murɗawa da salatif ba. Wayar atin ta kama gidan fitilar ta kama get ɗin. Layin ya samu brekarsa shi kaɗai, mai 6A ya wadatar, in da hali a sa masa RCD mai 30mA, shi ne ke yanke wuta in ta fara bi ta jikin mutum, breka na yau da kullum baya yin wannan. In ka karanta wannan sakin ka ji akwai abin da bai zauna maka ba, ka kira mai gyara na gaske ka tsaya a kansa, kai dai ka nuna masa inda za a maida ta.

In an gama a maida wuta, a rufe sensar da hula a ga ta kama, a cire a ga ta saki. Amma gwajin rana ba ya nuna matsalarka, sai bayan isha'i duhu ya yi sosai ka tsaya ka kalle ta kamar minti goma. In ta ƙifta ko sau ɗaya ne, ka sunkuyar da kan fitilar ƙasa kaɗan ko a ƙara ɗaga sensar. Lokacin hunturu kuma ƙura na zama a kanta ta sa ta kunna da wuri, sai a riƙa goge ta da busasshen tsumma a kan sanda duk bayan sati biyu ko uku.