Layi a Kwance, Layi Mai Hawa

"Kawu, na ga masana tattalin arziki sun saba zana layin samar da kaya na dogon zango wani lokaci a kwance, wani lokaci yana hawa. Al'ada ce kawai ta malamai, ko da dalili?"

Ɗana, da dalili. Ka daina kallon kamfani ɗaya, ka dubi abin da ke samun farashin kayan aiki idan sababbin kamfanoni suka yi ta shigowa sana'ar.

A ɗauka kamfanoni 100 ne ke yin fensir, kowanne yana fitar da 1,000, kuma mafi arhar abin da za a kashe wa ƙwaya ɗaya shi ne 10. Farashi ma 10 ne, kowa na mayar da kuɗinsa da ladan wahalarsa, babu ƙari. Sai buƙata ta ƙaru, farashi ya kai 14. Ribar nan ba ta ɓoyuwa, wasu za su shigo. To katakon da masu fensir ke saye ɗan kaɗan ne cikin katakon duniya, ko sun ninka, mai katako ba zai ji a jikinsa ba. Kuɗin da ake kashewa na nan a 10, shigowa kuma ba za ta tsaya ba sai farashi ya koma 10, a ce da kamfanoni 150. Kaya sun tashi daga 100,000 zuwa 150,000, farashi bai motsa ba. Ga layinka a kwance.

Yanzu ka mayar da sana'ar haƙar mai, da alƙaluman nan dai. Injinan haƙa da ƙwararrun injiniyoyi ba a samun su dare ɗaya, kuma masu wannan sana'a su ne kusan duk masu nemansu. Duk wanda ya shigo sai ya yi tayi sama da na wani, haya da albashi su tashi wa kowa, har tsofaffin da suka riga shi. Kuɗin ƙwaya ɗaya ya hau daga 10 zuwa 12, farashi kuma yana saukowa daga 14. Suna haɗuwa a 12, riba ta ƙare, shigowa ta tsaya da wuri, a ce a kamfanoni 130. Haɗa ɗigon farko, kamfanoni 100 a farashi 10, da na biyu, kamfanoni 130 a farashi 12, za ka ga layi ya hau.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe, ni ma na yi a zamanina, shi ne su zaci hawan ya zo ne daga kamfani da ya cika wa injinansa aiki. Wancan zancen gajeren zango ne. Tsadar nan daga waje take zuwa, ba kamfanin da ya jawo ta shi kaɗai, abin da masanin tattalin arziki Jacob Viner ya fayyace tun 1931.

Kada kuma ka zaci ƙarin 2 ɗin nan ribar kamfani ce. Aljihun mai injin haƙa da injiniya ta shiga. Don haka in an ba ka sana'a a jarrabawa, fara tambayar kaso nawa take saye cikin kayan aikinta, da ko ana iya ƙara samar da su ba tare da sun yi tsada ba.