Yadda ake fitar da kwantai ba tare da an karya farashin shago ba

"Alhaji, atamfar nan da ta rage a dilar da muka kwance tun kafin azumi ta ƙi motsi. Ina ganin mu yi mata ragi mu huta, amma ina tsoron kada masu saye su saba, su riƙa jira sai mun karya farashi. Yaya ake yi?"

Yarona, kafin a taɓa farashi sai an san dalilin da ya sa kayan suka yi kwantai, domin kowane dalili da irin maganinsa. Idan zanen yana da kyau amma mun ɓoye shi a ƙasan sauran kaya, a fito da shi gaba a buɗe shi mako biyu a gani. Idan lokacinsa ne bai zo ba, kamar shadda mai tsada da ke jiran Sallah ko lokacin bukukuwa, a bar ta a wurinta, domin farar shadda ba ta fita yayi. Wadda ke bukatar gaggawa ita ce atamfar da yayinta ya wuce, kuma alamarta ba ta ɓuya: mace za ta ɗaga turmin ta ce an yi ankonsa bara, ta ajiye ba tare da ta taya ba. Wanda ya taya da araha yana son kayan, kuɗin ne bai yi masa ba. Wanda bai taya ba kuwa, ko an rage masa ɗari biyar ba zai waiwayo ba.

Sai kuma lissafi, kuma a kan dilar gaba ɗaya ake yin sa, ba a kan turmi ɗaya ba. A ce mun sari turmi 100 a kan naira 8,000 kowanne, wato jarin naira 800,000 ke nan, muna sayarwa 10,000. Turmi 60 sun fita, sun dawo mana da 600,000, saura 40 a shago. Abin da ya rage mu mayar da uwar kuɗinmu shi ne 200,000, wanda idan ka raba shi a kan turmi 40 zai ba ka 5,000. Wannan ita ce iyakar da ba ma sauka ƙasa da ita, kuma tsakanina da kai take tsayawa. Idan muka sallama sauran a kan 7,000, za mu karɓi 280,000, dilar ta tashi da ribar 80,000, duk da cewa kowane turmi daga cikin 40 ɗin an sayar da shi ƙasa da kuɗin da muka saro shi. Wannan 280,000 kuwa za ta saro sabbin turmi 35 na zanen da ake yayi, waɗanda idan suka fita da ribar 2,000 kowanne sun kawo 70,000 a juyi ɗaya. Ɗan kasuwar da ya rungume kwantansa don kada ya faɗi da dubu ɗaya a kan turmi, wannan juyin yake asara, ga kuma ƙura da rana suna cin bakin ninkin atamfar har sai launinta ya koɗe.

Tsoronka yana kan hanya, domin mai saye yana koyon ɗabi'ar shago da sauri fiye da yadda muke zato. Abu biyu ne ke koya masa jira. Na farko shi ne ragin da ya san ranarsa, kamar shagon da ke karya farashi kowane mako na biyu bayan Ƙaramar Sallah, domin duk wadda ba ta da gaggawa za ta ɗaga sayayyarta zuwa ranar. Na biyu shi ne ragin da ya shafi shago duka, har da kayan da ke tafiya da ƙafarsu. Saboda haka ragi a wurinmu na wani zane ne takamaimai, da dalilinsa da ake faɗa wa mai saye, da adadin da ya rage. Ka ce mata wannan ragowar dila ce, turmi kaza suka rage, kuma ba za mu sake kawo zanen ba. Sa'annan mu cika maganar, domin idan ta dawo bayan wata ɗaya ta tarar da sabuwar dilar zanen nan a tsohon farashi, ko ta tarar ragin bai ƙare ba, daga ranar ba za ta ƙara yarda da kuɗin da muka faɗa ba.

Hanyar da na fi so ita ce kayan su fita ta wata ƙofa dabam da wadda masu sayen ɗai-ɗai suke shigowa. A nan Kantin Kwari kullum akwai 'yan sari da ke kai kaya kasuwannin mako, irin ta Wudil ranar Juma'a ko ta Dambatta ranar Lahadi, da masu tsallakawa da su Maraɗi da Damagaram, ga kuma dillalai mata da ke shiga gidaje. Zanen da ya gundiri matan birni sau da yawa sabo ne a can. Ka kira mutum ɗaya ko biyu ka sallama musu turmi 40 ɗin a dunƙule, kuɗi hannu, domin kwantan da aka bayar bashi bai saki jarinmu ba, wuri kawai ya sake. Da haka matar da ta saya 10,000 a watan jiya ba za ta ga zanenta a rataye a gabanmu ana cewa 7,000 ba, balle ta ji an cuce ta.

Idan kuma a shago za su fita, a sa ragin a jikin wani ciniki. Mai haɗa lefe da ya ɗauki turmi goma a cikakken farashi, ka ce masa idan zai ƙara biyu daga cikin waɗannan za a bar masa su a kan 7,000 saboda yawan sayayyarsa. Masu neman anko mai sauƙin kuɗi ma haka, domin turmi 20 na zane ɗaya shi ne ainihin bukatarsu. A duk waɗannan, mai saye yana tafiya da sanin cewa yawan da ya ɗauka ne ya jawo masa sauƙin, don haka idan ya dawo sayen turmi ɗaya ba zai fara tayi daga 7,000 ba.

Ragin kuma a yi shi sau ɗaya, mai zurfin da zai kwashe kayan cikin mako ɗaya ko biyu. Wanda ya rage ɗari biyar yau, ya ƙara ɗari biyar bayan kwana goma, ya sake ragewa a ƙarshen wata, da kansa ya nuna wa mutane cewa haƙurinsu yana biyansu. Kada kuma ka ɗaga farashi don ka sauke shi a ce an yi ragi, kuma idan bakin turmi ya koɗe ka buɗe ka nuna kafin a biya, domin ɓoye aibin kaya algus ne, addini ya hana, kuma a kasuwa irin tamu labari ba ya kwana.

Za ka gane mun fara ɓata masu sayenmu idan tsofaffin abokan ciniki suka riƙa shigowa suna duba sabon kaya suna tambayar yaushe za a sauke shi, ko kuma tayinsu ya koma farawa daga farashin ragi. Idan ka ji haka daga bakin mutum biyu ko uku, ka sanar da ni, mu tsayar da duk wani ragi a cikin shago, kwantai kuma su riƙa tafiya hannun 'yan sari kaɗai. Daga yau ka riƙa rubuta ranar da aka kwance kowace dila a littafi, kuma duk zanen da ya kai wata biyu rabinsa bai fita ba ka kawo mini sunansa mu yi lissafinsa tun yana da sauran masu so.