Me ya sa riga mai faɗi ke manne wa jiki a hoton gwaji?

Tambaya: "'Yan'uwa, ina amfani da manhajar da ke haɗa hoton mutum da na tufafi don a ga yadda za su yi masa. Ƙananan riguna suna fita da kyau, amma doguwar riga mai faɗin hannu sai ta fito a matse, hannunta a guntule. Ina matsalar take?"

'Yar'uwa, na daɗe ina wannan aiki, kuma a mafi yawan lokuta abin da kika gani yana farawa ne tun kafin manhajar ta taɓa hoton rigar. Matakin farko da take ɗauka shi ne ta gano gaɓoɓin mutumin, wato kafaɗu da gwiwar hannu da ƙugu, galibi da kayan aiki irin su OpenPose ko DensePose, sannan ta shafe wurin da tsohuwar rigarsa take, ta bar fili. A cikin wannan filin kaɗai take da ikon zana sabuwar riga, duk abin da ke wajensa kuwa ana mayar da shi yadda yake a hoton asali.

To, idan wanda ke cikin hoton yana sanye da matsattsiyar riga mai gajeren hannu, filin da manhajar za ta shafe da kanta yakan bi siffar jikinsa, ya wuce ta da kaɗan. Doguwar riga mai faɗi kuwa tana buƙatar sararin da ke tsakanin hammata da ƙugu, da wanda ke ƙarƙashin damtse inda yadin hannu ke rataya, da kuma ƙafafu har ƙasa. Tunda ba a ba ta wannan wuri ba, sai manhajar ta cusa rigar a inda ta samu. Alamar da za ki gane haka ita ce gefen rigar zai yanke tsaf a kan layi ɗaya, ba tare da ninki ko inuwa ba, wani lokaci ma ki tarar da ragowar launin tsohuwar riga a wuya ko a ƙugu.

Gyaran da ya fi yi mini aiki shi ne shafe filin da hannu. A manhajar IDM-VTON, alal misali, ana iya kashe shafewar da yake yi da kansa, a ɗauki burushi a zana. Ki fara daga gindin wuya, ki rufe hannu biyu har wuyan hannu, ki haɗa da sararin da ke gefen jiki gwargwadon faɗin da rigar take da shi, ki sauka har inda ya kamata ta tsaya, amma ki bar fuska da tafin hannu da tafin ƙafa a waje, domin idan kika shafe yatsu manhajar za ta ƙirƙiro wasu, kuma sau da yawa ba sa fita daidai. Idan akwai zaɓin rukuni, ki ɗauki `dresses`, wato dogayen riguna, maimakon `upper_body`, wato rigunan sama. Ya fi sauƙi ma ki sake ɗaukar hoton mutumin yana tsaye yana fuskantar kyamara, hannayensa sun ɗan rabu da jiki, a gaban bango marar ado, saboda duk bangon da ya faɗa cikin filin sai an sake zana shi.

Hoton rigar ma yana da nasa haƙƙin. Yawancin waɗannan manhajoji an horar da su ne da tarin hotuna irin VITON-HD na shekarar 2021, inda riguna na sama ne, a baje a kan farin fage. Rigar da aka rataye har hannayenta suka kwanta a jikinta tana ɓoye faɗinta, don haka ki shimfiɗa ta ki buɗe hannayen kafin ki ɗauka.

Akwai kuma iyakar da nake so ki riƙe, domin tana shafar amanar da ke tsakaninki da mai saye. Tsofaffin hanyoyi irin CP-VTON na 2018 suna miƙe hoton rigar ne su lanƙwasa shi ya dace da jiki. Na baya-bayan nan, tun daga TryOnDiffusion da Google ya bayyana a 2023, sake zana rigar suke yi gaba ɗaya, shi ya sa ninkinsu ke kama da na gaske. Sai dai wannan ninki kwaikwayo ne na abin da suka saba gani a hotuna, ba su auna nauyin yadi ko faɗin ƙirji ba, don haka yadi mai kauri zai iya fitowa yana zuba kamar siliki, kuma riga ɗaya za ta zauna daidai a jikin siriri da kakkaura. Ƙananan ado da rubutu su ma sukan jirkice, saboda irin su IDM-VTON suna matse hoto mai ɗigo 768 a faɗi da 1024 a tsayi ya koma 96 da 128 kafin su yi zanen. Saboda haka ki riƙa ƙara girman sakamakon kina kwatanta maɓallai da aikin wuya da na hoton asali, sannan ki ajiye awon rigar na tef a gefen kowane hoton gwaji da za ki nuna wa mai saye.