Gem a ɗaki mai zafi ba esi: kwamfutar za ta riƙe gudunta?

Tambayar da aka yi a zaure: "'Yan'uwa, ina shirin haɗa kwamfutar tebur ta gem, Ryzen 5 5600X da RTX 3060. Ɗakina a Kano yake, rufin kwano, ba esi, fanka kawai. Da bazara za ta ba ni gudun da aka rubuta a kwali kuwa, ko asarar kuɗi zan yi?"

Amsar da aka turo ta murya, an rubuta ta:

Salamu alaikum. To ɗan'uwa, saya abinka, za ta yi. Amma bari in nuna maka lissafin, don ka san inda gizo ke saƙar.

Ka ga fankar da ke cikin kwamfuta ba sanyi take ƙirƙira ba. Iskar ɗakinka take ja ta busa wa ƙarfe. Saboda haka abin da ake dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin zafin ɗaki da zafin na'ura, kuma wannan tazarar kusan ba ta canzawa. In ɗaki ya ƙaru da digiri goma, na'urar ma za ta ƙaru da kusan goma. Masu gwajin da kake kallo a YouTube yawanci a ɗaki mai digiri 21 zuwa 25 suke aunawa. Kai kuwa a watan Afrilu, waje yana haura 40, ɗaki mai kwano da la'asar zai iya kai 38 cikin sauƙi.

To mu ɗauka mai gwaji yana ɗaki mai 23, katinsa na zana hoto, wato 3060, ya tsaya a 68. Tazara 45 ke nan. Ɗauko wannan katin ka kawo ɗakinka mai 38, ka ɗora 45, ka samu 83. Riƙe wannan lambar, domin 83 ita ce iyakar da katunan Nvidia irin wannan suke zuwa da ita a saiti, inda katin ke fara ƙoƙarin kada ya wuce. Iyakar ƙarshe da kamfanin ya rubuta wa 3060 kuwa 93 ce. Wato kana bakin layi, ba ka faɗa ba. A zahiri ma fankar katin za ta ƙara gudu tun kafin nan, ta rage maka 'yan digiri, sai dai ka sha ƙara.

Yanzu maganar abin da aka rubuta a kwali. A nan ne mutane da yawa ba su lura ba. Gudun da aka yi wa 3060 alƙawari 1777 MHz ne. Amma in yana cikin sanyi, da kansa yake haurawa wajen 1900. Yayin da yake ɗumama sai ya riƙa saukowa taki-taki, kowane taki kamar 15 MHz. Ƙarin digiri 15 ɗin ɗakinka zai ci maka taki biyu ko uku, a ce 45 cikin 1900. Kashi biyu cikin ɗari ne da ɗan ɗoriya. Inda wani ke ganin FPS 60, wato hotuna 60 a kowace daƙiƙa, kai ka ga 58 ko 59. Wallahi idonka ba zai gane ba, kuma har lokacin kana sama da lambar kwali. Gyara aka ba ka, zafi ya karɓe gyaran, mudunka yana nan.

Firosesar ma haka take. Ita 5600X iyakarta 95. Gem ba ya matsa mata kamar yadda yake matsa wa katin, amma ƙaramar fankar da take zuwa da ita a kwali an yi ta ne daidai wa daida. In tana 70 a ɗaki mai sanyi, a naka 85 ce. Za ta yi aiki, sai dai ni da ni ne, zan ƙara ɗan kuɗi in sa mata doguwar fankar nan mai bututun jan ƙarfe. Kada kuma wani ya ce maka sai mai ruwa. Ruwan ma da iskar ɗakin ake sanyaya shi, ba zai taɓa sauka ƙasa da zafin ɗakin ba.

Inda ake samun matsala ta gaske shi ne idan tazarar nan ta 45 ta girma. Abu biyu ke jawo haka. Na farko akwatin. Waɗannan masu gilashi a gaba, masu fitilu kala-kala, kyau ne da su amma iska ba ta da ƙofar shiga. Nemi mai raga a gaba, fanka biyu suna jan iska ciki, ɗaya a baya tana fitarwa. Na biyu ƙura. Hunturu zai cika haƙoran ƙarfen da ƙura, kai ba ka sani ba saboda gari da sanyi, sai Maris ya shigo asiri ya tonu. In tazarar ta koma 55, lissafi ya ba ka 93. Katin ba zai yarda ya je can ba, sai ya yanke gudu sosai don ya kare kansa. A nan ne za ka ga gem yana tafiya lafiya minti goma na farko, daga baya ya fara tsinkewa.

Sannan kada ka manta, ita kanta kwamfutar murhu ce. Katin yana cin wat 170, firosesar kusan 76 in ta cika, ka haɗa da sauran kaya da allo, kana wajen wat 300, kuma dukkansa zafi yake zama a ɗakin. Ka rufe ƙofa da taga, bayan awa biyu 38 ɗinka ta zama 40 da wani abu. Fankar sama juya iskar kawai take yi. Buɗe taga, kuma kada ka cusa akwatin cikin lungun tebur ko ka manna shi da bango.

Idan ka haɗa, ga yadda za ka tabbatar. Sauke manhajojin awon nan GPU-Z da HWiNFO64, kyauta ne. Kunna gem ɗinka mafi nauyi da ƙarfe uku na rana, ba da asuba ba, ka bar shi minti arba'in. A GPU-Z shiga Sensors ka duba layin PerfCap Reason. In ka ga Pwr ko VRel, lafiya lau, haka katin yake aiki. In ka ga Thrm, to zafi ne ke danne shi. Ka kuma kwatanta GPU Clock na minti biyar da na minti arba'in. Bambancin 30 ko 50 ba komai ba ne. In ya faɗo da ɗaruruwa, akwai gyara.

Gyaran da ba ya cin ko sisi: sauke manhajar MSI Afterburner ka buɗe ta, ja Power Limit zuwa kashi 80 cikin ɗari. Wat 170 ta koma 136, tazarar 45 ta sauko wajen 36, ka tsira da kusan digiri tara. Abin da za ka rasa na gudu kaɗan ne, domin wat ɗin ƙarshe-ƙarshen nan zafi suka fi haifarwa. In kuma allonka mai 60Hz ne, kulle FPS a 60, babu amfanin katin ya riƙa zana hotuna 110 da allon ba zai nuna ba.

Sai abu ɗaya da nake so ka bambance. Zafin kati ko firosesa rage gudu yake sa wa. In kwamfutar tana ɗaukewa ɗif a tsakiyar wasa, fara zargin akwatin wutar cikinta. Masu kyau an auna su su ba da cikakken ƙarfinsu a digiri 40 ko 50, kuma suna rubutawa a takardarsu. Masu arahar nan marasa suna wat ɗin da suka rubuta a sanyi ne, in ma gaskiya ne. A wannan haɗin naka ɗauki mai wat 550 ko 650 na kamfanin da aka sani, ka duba digirin da aka rubuta kafin ka biya. In ka samu wanda kake so, turo hoton takardarsa nan zaure mu duba tare.