Tikitin BC ko ABC daga Spandau zuwa Potsdam

Tambaya: "Jama'a, a Spandau nake zaune, na kuma samu aiki a Potsdam. Tunda babu wanda ke shiyyar A a cikinsu, tikitin BC ya ishe ni? In na sauya jirgi sai na sake saye?"

Ɗan'uwa, wannan lissafin ne ya ci mini Yuro 60, shi ya sa ban iya wuce tambayarka ba. A Berlin, kuɗin tikiti yana bin shiyyoyin A, B da C da ka ratsa ne, ko da ba ka fita daga tasha ba. Idan ka hau jirgi daga Spandau ka sauka a Westkreuz domin ka kama jirgin S7 mai zuwa Potsdam, ka taka shiyyar A, domin tashar tana kan layin zobe da ya kewaye tsakiyar Berlin, shi kuwa zoben cikin A yake. Wannan hanya sai da ABC.

Wani da ya riga ni zuwa da shekaru ne ya tabbatar mini cewa mafari da mazarya kawai ake dubawa, ni kuma na yarda da shi saboda girmansa. Kwana huɗu ina bi lafiya. A na biyar, muna gab da Westkreuz, mai duba tikiti ya karɓi nawa, ya ɗora yatsa a kan haruffan nan biyu, ya nemi katin shaidata a gaban mutane, ga abincin ranata a leda ina riƙe da shi hannuna na rawa. Da na kira mutumin da dare, cewa ya yi shi bai taɓa faɗin haka ba. Har yau wannan musun ya fi tarar yi mini ciwo.

Kafin a daina sayar da BC a 2026, akwai inda yake aiki: bas mai lamba 638 da ke tashi daga Spandau ya bi ta Groß Glienicke zuwa ɓangaren Potsdam, ba ya kusantar zoben ko kaɗan. A lokacin ya fi arha; in kana son bin bas ɗin, ka gwada shi ranar da ba ka aiki, ka ga ko lokacinsa ya dace da naka.

Sauya jirgi ba ya buƙatar sabon tikiti. Guda ɗaya yana ɗaukarka awa 2, ka sauka daga bas ka hau taragu ko jirgi yadda ka so, muddin gaba kake yi. Komawa inda ka fito sai da wani sabo, ko da minti 20 kacal ka yi. Don Allah ka buga masa hatimi a na'ura kafin ka shiga jirgi, domin wanda ba a buga ba tararsa ɗaya da ta marar tikiti.

Tunda kullum za ka riƙa zuwa, ka haɗa kuɗin zuwa da dawowa na wata guda ka kwatanta da Deutschlandticket, tikitin wata na duk faɗin Jamus, wanda babu ruwansa da shiyya. Tun da na koma kansa nake bi ta Westkreuz hankalina kwance.